Minti Uku a Gaban Firinsifal: Miƙa Kyautar Bankwana da Yawun Malamai

Ranar da firinsifal zai ajiye aiki ba ta zuwa wa kowa ba zato. Tana rubuce a fayil ɗinsa tun ranar da aka ɗauke shi aiki. A tsarin aikin gwamnati na Najeriya, ma'aikaci yana ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta ɗaga wa malaman makaranta wannan wa'adi zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 ta aiki, ko da yake ba lokaci guda jihohi suka rungume ta ba. Ko wanne lissafi aka bi, malamai suna da watanni na shiri. Za a kafa kwamiti, a yi karo-karo, a je kasuwa, a yi ciniki, a naɗe kaya. Abu ɗaya ne ake yawan mantawa da shi sai da safiyar ranar walima: wa zai tashi ya miƙa kyautar, kuma me zai ce?

Sai a kama malamin Hausa ko na Turanci a bakin ɗakin malamai a ce, "Malam, kai ne mai baki, kai za ka yi mana." Daga nan matsala take farawa, domin iya surutu daban, iya wannan jawabi daban.

Da farko a duba inda jawabin yake faɗowa a tsarin taro. Kafin a zo kansa an buɗe da addu'a, jami'in ilimi na shiyya ya yi magana, wakilin ƙungiyar shugabannin sakandare ta ANCOPSS ya yi, watakila na ƙungiyar malamai ta NUT ma ya tofa albarkacin bakinsa, ga shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, ga wakilin tsofaffin ɗalibai. An karanta tarihin mai ritaya tun daga firamare. Abinci yana jira, la'asar ta kawo jiki. Duk abin da za a iya faɗa game da muƙamai da takardun shaida an riga an faɗa. Shi ya sa mai miƙa kyauta ba shi da fiye da minti uku, wato kalma ɗari uku zuwa ɗari huɗu idan yana magana a natse. Wanda ya rubuta fiye da shafi ɗaya na littafin rubutu, to ya wuce gona da iri.

Aikin da ya rage masa guda ɗaya ne, kuma ba wanda zai iya yi sai shi: ya mai da kyautar ta kowa da kowa. A ɗauki misalin makaranta mai ma'aikata arba'in da 'yan kai. Kwamiti ya yanka wa mataimakan shugaba da manyan malamai naira dubu goma-goma, sauran malamai dubu biyar-biyar, maigadi da masinja da masu shara kuwa aka ce su kawo abin da ya sawwaƙa, suka kawo dubu ɗaya-ɗaya. 'Yan bautar ƙasa biyu suka haɗa nasu. Akwai malama guda da ba ta samu ta bayar ba saboda tana jinyar ɗa, akwai kuma wani da ya ninka nasa ba tare da an tambaye shi ba. Da kuɗin aka sayi firji, aka ɗinka shadda turmi ɗaya, aka yi allon yabo mai ɗauke da sunan makaranta. Kuɗin ba daidai suka shigo ba, amma idan mai jawabi ya buɗe baki dole su fita daidai. Ba a ambaton wanda ya fi bayarwa, ba a ambaton farashi, ba a cewa "waɗanda suka ba da gudummawa", domin wannan kalma kaɗai tana sa jama'a su fara waige-waige suna neman waɗanda ba su bayar ba. "Mu" ake cewa, kuma idan za a zayyano su wane ne "mu" ɗin, ya fi kyau a sa maigadi da masinja a ciki da bakin mai jawabi, don dubu ɗayan da suka cire daga albashinsu ta fi yi musu nauyi fiye da dubu goman mataimakin shugaba.

Ga yadda jawabin zai iya kasancewa a irin wannan makaranta, idan mai ritayar dattijo ne da aka saba kira Baba:

"Assalamu alaikum. Shugaban taro, manyan baƙi, iyayenmu, 'yan'uwana ma'aikata, ina gaishe ku baki ɗaya. Ranka ya daɗe, ba da bakina na tashi ba. Malamai ne da ma'aikatan ofis, da masu gadi da masu shara, suka ce in tsaya a madadinsu. Baba, shekarar da iska ta kwashe rufin ajujuwa uku ana saura 'yan makonni a fara jarrabawar WAEC, ba ka tsaya jiran takarda ta dawo daga ma'aikata ba. Ka kwashe kujerun ofishinka ka ba yara wurin, kai kuma ka koma gindin darbejiya da teburinka har aka gama. Duk wanda yake nan a lokacin bai manta ba. Mun haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa: firji, don Hajiya da yara da suka yi haƙurin rashinka a gida safe da yamma, da shadda, don Juma'ar farko da za ka je masallaci ba tare da tunanin ko an kulle ajujuwa ba, da wannan allo mai sunan makarantarka. Zama tare ba ya rasa saɓani. Abin da muka yi maka ba daidai ba, muna roƙon ka yafe mana, mu ma mun yafe. Allah ya ba ka lafiya da nisan kwana, ya albarkaci zuri'a, ya sa hutun ya zama mai amfani. Ranka ya daɗe, ga saƙon ma'aikatanka."

Ko minti biyu bai cika ba, kuma babu abin da ya ɓace.

Ƙashin bayan jawabin shi ne labarin rufin nan. Kowane firinsifal da ya taɓa ritaya an ce masa mai haƙuri ne, mai gaskiya, uba ga kowa. Kalmomin ba ƙarya ba ne, amma sun sha jiki har ba sa taɓa kowa. Abin da ke sa ɗaki ya yi tsit shi ne aiki ɗaya takamaimai da mutumin ya yi, wanda rabin mutanen da ke zaune suka gani da idonsu. Ana gane an dace idan aka ga malamai suna gyaɗa kai tun kafin a ƙarasa jimlar. Samo irin wannan labari ba ya buƙatar hikima, tambaya yake buƙata: mai jawabi ya zagaya kwana biyu kafin taro, ya tambayi mutum huɗu ko biyar, har da akawu da maigadi, abin da ba za su manta da shi ba. Sau da yawa labari mafi kyau a bakin ƙofa yake, ba a ɗakin malamai ba. Sharaɗi biyu ne kawai. Labarin ya zama gaskiya, don mai shi yana zaune yana ji. Kuma kada ya tona asirin wani: idan firinsifal ya taɓa biya wa wani malami kuɗin asibiti a ɓoye, alheri ne babba, amma ba na lasifika ba ne.

Sai neman yafiya. A taron bankwana na Hausawa ba a tsallake ta, kuma a nan tana da aiki na musamman. Firinsifal shi ne mai ba da takardar tuhuma, shi ke sa jan layi a rajistar zuwa aiki, shi ke sa hannu a takardar kimanta ma'aikaci ta shekara-shekara wadda ƙarin girma ya rataya a kanta. Babu yadda za a yi ya shekara da shekaru a kujerar bai ɓata wa wani ba. Jimla biyu sun isa su rufe wannan babi. Inda ake kuskure shi ne a buɗe shi: "Ko da yake Baba yana da zafi, wani lokaci har ya yi wa mutum faɗa a gaban ɗalibai..." Mai maganar yana ganin raha yake yi, amma iyalin mutumin suna zaune, kuma habaici a ranar bankwana ba a samun damar gyara shi gobe.

Akwai wani santsin kuma, wanda masu kyakkyawar niyya suka fi faɗawa. Garin nuna alhini sai jawabi ya koma kamar ta'aziyya: "mun yi babban rashi", "ba za a sake samun kamarsa ba", "ya tafi ya bar mu". Mutumin yana raye, gida kawai zai koma, watakila ma gonarsa tana jiransa. Ita kuma jimlar "ba za a sake samun kamarsa ba" tana da wani lahani, domin mai gadon kujerar galibi yana cikin taron, wani lokaci ma mataimakin da ke zaune kusa da shi ne. Haka batun fansho da garatuti. Kowa ya san masu ritaya a jihohi da dama suna daɗewa suna jiran haƙƙinsu, kuma abin yana ran mai ritayar fiye da kowa. Idan za a yi wannan koke, wakilin ƙungiya ne ya dace ya yi shi a nasa jawabin. Mai miƙa kyauta ya tsaya a addu'a, in ya so ya ƙara da "Allah ya sawwaƙe fitar haƙƙi". Idan ya zarce, sai kyautar ta fara kama da tallafi, kuma dattijo ba ya son a nuna masa tausayi a bainar jama'a.

Idan firinsifal mace ce, tsarin bai canza ba sai kalmomin girmamawa: ranki ya daɗe, Hajiya ko Mama, gwargwadon yadda aka saba kiranta a makarantar. A makarantar da ke da ma'aikata Musulmi da Kirista, kamar yadda ake samu a Kaduna ko Jos ko Yola, addu'ar lafiya da albarkar iyali kowa zai ce mata amin.

Miƙawar kanta ma tana son shiri. Mai jawabi ya ajiye takarda da makirufo, ya taka zuwa inda mai ritayar yake, kada ya sa dattijo ya taso ya same shi. Ya miƙa da hannu biyu, ya ɗan rusuna, ya dakata kaɗan don mai hoto. Firji ba ya ɗaukuwa a hannu, saboda haka a ajiye shi a gefe inda za a gan shi, a miƙa allon da shaddar, rasit da takardar garanti kuma a sa su a ambulan a ba iyali bayan taro. Idan akwai kuɗi a cikin kyautar, ambulan ɗin a rufe yake tafiya, ba a faɗin adadi. Yana da kyau a kira mutum ɗaya daga ƙananan ma'aikata ya kama kyautar tare da mai jawabi, a kuma tanadi motar da za ta kai kayan gida tun kafin a watse, don kada a bar mai ritaya yana neman a-kori-kura da kuɗin aljihunsa.

Lissafin karo-karon kuwa yana da nasa wurin. Washegari kwamiti ya manna takarda a allon sanarwa na ɗakin malamai: abin da aka tara gaba ɗaya, abin da aka kashe a kan kowane kaya, da abin da ya yi saura. Sunayen masu bayarwa da adadin kowa su zauna a littafin ma'aji, duk mai son ganin nasa ya je ya duba.