Lamirin "na" da layi uku na saman takardar tarihin aiki

A ɗauki misalin malamin firamare da ya shekara 22 yana koyarwa, daga Gazawa zuwa Agye, har ya zama shugaban makaranta a Sae Sabuwa cikin gundumar Gidan Runji. Idan ya ba da labarin da baki, a jere yake zuwa: na fara, sai aka mayar da ni, sannan na riƙe makaranta. Kowace jimla da lamirinta da shuɗaɗɗen lokacinta.

Layi ukun da ake sa wa a saman takardar neman aiki ba sa ɗaukar wannan jeri. Lamirin "na" ne ke fara faɗuwa, aikatau kuma ya koma suna: "na koyar" ya zama "koyarwa". Sai a samu:

Malamin firamare, shekara 22 a karkarar Maraɗi.
Shugabancin makaranta da horar da sababbin malamai.
Koyarwa da Hausa da Faransanci.

Sai dai sunan aikatau ba ya nuna lokaci. Mai karanta layi na biyu ba zai san ko shugabancin na jiya ne ko na yau ba, shi ya sa adadin shekaru ya wajaba a layin farko, sauran ranaku kuwa su jira a ƙasa.