Tallan gidan haya: rubutun da ke tankaɗe masu nema tun kafin su buga waya

Wani kawuna yana da ɗan ƙaramin fulat mai ɗaki biyu da falo a Rijiyar Zaki, a Kano. Da ɗan hayarsa ya tashi, sai ya sa yaronsa ya rubuta talla a waya, aka yi ta turawa ’yan uwa da abokan arziki: “Gida mai kyau na haya, unguwa mai tsaro, farashi mai sauƙi. Sai mai buƙata da gaske.” Kwana uku wayarsa ba ta huta ba. Wannan ya kira yana neman ɗaki huɗu, wancan yana tambaya ko za a karɓi kuɗin wata-wata, wani kuma ya sa kawu ya baro kasuwa da tsakar rana, ya leƙa falon sau ɗaya ya ce kujerunsa ba za su shiga ba. Mutane sun yi ta zuwa, gida yana nan a kulle.

Laifin na tallan ne. Duk wanda ya karanta shi zai iya zaton gidan nasa ne, tunda babu abin da aka faɗa da zai hana shi. Aikin tallan haya irin aikin rariya ne: ya tankaɗe masu nema, wanda gidan bai dace da shi ba ya gane haka tun yana zaune a ɗakinsa, wanda ya dace da shi kuma ya taho da kuɗinsa a shirye.

A fara da kanun talla, wato layin farko, domin sau da yawa shi kaɗai ake karantawa. Abu huɗu ne mai neman haya yake son ji nan take: wane irin gida ne, a ina yake, nawa ne, kuma me ya bambanta shi da na maƙwabta. Ga yadda muka sake rubuta na kawu: “Fulat ɗaki biyu da falo, Rijiyar Zaki: burtsatse, mita mai kati, naira 800,000 a shekara.” Babu “mai kyau”, babu “na alfarma”, saboda ba a taɓa ganin mai gidan da ya ce nasa mummuna ne ba. Rijiyar burtsatse kuwa magana ce da duk wanda ya saba jiran ’yan garuwa da sassafe zai tsaya ya sake karantawa.

Wasu masu gida da dillalai suna ɓoye farashi, wai don kada mutane su gudu. To, wanda farashin zai kora, gara ya kore shi tun a rubuce. Kuma a faɗi jimillar, ba kuɗin haya kaɗai ba. A namu mun rubuta haya naira 800,000, la’adar dillali kashi goma cikin ɗari, wato 80,000, sai 50,000 na ajiya saboda ɓarna, wanda ake mayarwa ranar tashi idan an bar gida lafiya. Gaba ɗaya 930,000. Mutumin da ya tara dubu ɗari takwas cif, ya zo ya ga gida ya yaba, sannan aka ce masa da sauran dubu ɗari da talatin, ba zai ƙara yarda da wata maganarka ba.

Daga nan sai bayanin gidan, kuma a nan ne ƙanƙantarsa take sa mai gida ya fara kwana-kwana. Kada a kira ƙaramin ɗaki “wadatacce”. A ɗauki tef ɗin awo a auna. Mun rubuta: “Babban ɗaki ƙafa 12 da 12, da banɗaki a ciki; yana ɗaukar gado shida da shida da sif. Ƙaramin ƙafa 10 da 10, ya dace da yara ko baƙi. Falo yana ɗaukar saitin kujeru ɗaya. Kicin na da kanta da wurin ajiye firji, amma babu sito.” Dalilin wannan awon a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa aurar da ’ya. Da yawa daga masu neman ɗaki biyu angwaye ne, kuma ango ba shi kaɗai yake yanke shawara ba. Dangin amarya za su zo ganin gida kafin jere, idan suka ce kaya ba za su shiga ba, magana ta mutu. Awon da aka rubuta yana ba shi damar tambayar gidan surukai tun kafin ya ɓata maka yini.

Ruwa da wuta su ma a faɗe su filla-filla. “Akwai ruwa” ba bayani ba ne. Burtsatse ce ta gidan ko rijiya? Da tankin sama? Wa ke sayen man janareto idan babu wutar da za a ja ruwan? Haka wuta: mitar ta fulat ɗin ce ita kaɗai, ko ta tarayya ce da sauran ’yan haya? Wanda ya taɓa rigimar rabon kuɗin wuta a gidan tarayya ya san darajar wannan layin. Tun watan Afrilu na 2024 da aka ƙara farashin wuta ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alƙawarin aƙalla awa 20 a rana, yana da kyau a faɗi rukunin da layin gidan yake a wajen KEDCO, domin wani wutar yake nema, wani kuma kuɗinta yake gudu.

Wurin da gida yake, a kwatanta shi da abin da ƙafa za ta iya tabbatarwa. “Kusa da titi” na iya zama tafiyar minti biyu, na iya zama rabin awa. Mun ce: “Minti biyar a ƙafa zuwa titin Gwarzo, inda ake samun Adaidaita Sahu zuwa Kabuga ko sabuwar jami’ar Bayero.” Lambar gida da ainihin layin kuwa ba a rubuta su, sai an yi magana an sa lokaci. Gidan da babu kowa a ciki bai kamata kowa ya san ƙofarsa ba.

Abin da kawu ya fi yi mini gardama a kai shi ne aibin gidan. Layin ba shi da kwalta, da damina ruwa kan kwanta a bakinsa, kuma harabar mota ɗaya take ɗauka. Ya ce, “Kai ɗan nan, wa ya taɓa kushe hajarsa a kasuwa?” Na ce masa, “Kawu, ramin ƙarya ƙurarre ne. In ba mu faɗa yau ba, watan Agusta zai faɗa.” Ɗan hayar da ya shiga da saninsa ba ya dawowa da ƙorafi, kuma shi ne mai sabunta haya. Muka sa shi a layi ɗaya, ba tare da neman afuwa ba.

A ƙarshe sai sharuɗɗa da hanyar tuntuɓa. Maimakon “sai mai buƙata da gaske”, wanda ba ya korar kowa, mun rubuta cewa ana biyan shekara guda gaba ɗaya, za a sa hannu a takardar yarjejeniya gaban shaidu, ana ganin gida Asabar da Lahadi bayan La’asar, kuma mai so ya turo saƙo da sunansa, sana’arsa, yawan mutanen da za su zauna da ranar da yake son tarewa. Mai yawon buɗe ido ba ya zama ya amsa tambaya huɗu. Muka haɗa da hotuna shida da aka ɗauka da hantsi bayan an share gidan, har da na banɗaki da na layin.

Mutum huɗu ne kacal suka turo saƙo. Na biyunsu, wani malamin makaranta, ya zo ranar Asabar tare da wata gwaggon amaryarsa riƙe da nata tef ɗin. Ta auna babban ɗakin, ta dubi kawu ta ce, “Alhaji, sha biyun ce kuwa.”