Matse hoto ba ya rage masa nauyi a kan allon waya

Akwai wani ra'ayi da ya zauna daram a zukatan matasanmu masu ƙera manhaja. Suna cewa in dai manhaja ba ta wuce megabait goma ba wajen saukewa, an kuma matse hotunan cikinta, to ta dace da ƙaramar itel ko Tecno irin wadda ke hannun mutanen Kurfai. In ta rufe kanta bayan haka, laifin wayar ne. Masu wannan magana ba da wasa suke yi ba, kuma suna da hujja. Kuɗin data yana da ciwo, ko a Airtel kake, ko Moov, ko Zamani, sannan ma'ajin ƙaramar waya kan cika da saƙonnin murya na WhatsApp. Rage girman fayil daidai ne. Inda na saɓa da su shi ne ɗaukar da suka yi cewa aikin ya ƙare a nan.

Waya tana da wuri biyu, mu kuwa da "memori" muke kiran su duka. Na farko ma'aji ne, inda hoto ke kwance a matse. Na biyu shi ne RAM, inda ake buɗe duk abin da ido zai gani a allo. Kamar rumbu ne da tabarmar shanya: rumbu yana iya ɗaukar dami ɗari, amma abin da za ka baza a lokaci guda bai wuce faɗin tabarmarka ba. Shi ya sa mutum zai goge bidiyo ashirin, ya ga manhajar tana nan tana rufewa yadda ta saba.

Mu ƙaddara ɗan'uwa ya ƙera manhajar tallar dabbobi don dillalan kasuwar Filinge, inda ake jera hotunan raguna da shanun Azawak irin waɗanda ake kiwo a Tukunus. Wani dillali mai babbar waya ya ɗauki bijimi, hoton ya fito fiksel 4000 a faɗi, 3000 a tsayi. Mai manhaja ya matse shi har ya koma kilobait 300, ya yi murna. Amma matsewar ingancin hoton ta rage, yawan fiksel yana nan miliyan 12. Idan Android ta zo nuna shi, sai ta warware shi gaba ɗaya, kuma a tsarinta na yau da kullum kowane fiksel bait huɗu yake ci. Miliyan 12 sau huɗu, megabait 48 ke nan, na bijimi ɗaya.

Allon ƙananan wayoyin nan sau da yawa fiksel 480 ne a 854, wato faɗin 320dp da tsayin kusan 569dp a ma'aunin masu zane. In aka cire sandunan sama, layi biyar masu tsayin 96dp ne za su samu wuri. Hoto biyar, megabait 240, a wayar da RAM ɗinta gigabait ɗaya ne, kuma Android kanta ta riga ta kwashe kaso mai tsoka. Abin takaicin, gurbin da hoton zai zauna fiksel 144 ne kawai a kowane gefe, wanda buƙatarsa ba ta wuce kilobait 83 ba. An ɗora wa wayar fiye da ninki 500 na abin da allonta zai iya nunawa. Alamomin ba sa ɓuya: jerin yana sarƙewa in ana jan shi da yatsa, gurbin hoto ya tsaya fari, can sai manhajar ta ɓace.

Gyaran da ya fi shi ne uwar garke ta yanka ƙaramin hoto tun kafin ta aiko, don a nan an tsira da data, an tsira da RAM. In kuwa hoton yana cikin wayar ne, a umarci Android ta rage shi tun wajen buɗewa:

```
val o = BitmapFactory.Options()
o.inSampleSize = 16
val hoto = BitmapFactory.decodeFile(hanya, o)
```

Wannan zai mai da bijimin nan kusan fiksel 250 a 187, ƙasa da kilobait 200, kuma ya ishi gurbinsa. Glide da Coil suna yin wannan lissafi da kansu, muddin an ƙayyade musu girman gurbin. Jerin kuma a gina shi da `RecyclerView`, wanda ke sake amfani da layukan da suka fita daga allo, maimakon a shimfiɗa dabba ɗari biyu a shafi guda.

Za a ce, ai mai sayen sa yana son ya duba tozo da ƙaho da kyau, ƙaramin hoto ba zai gamsar da shi ba. Gaskiya ne. Sai dai ba ya duba shanu biyar a lokaci ɗaya. In ya taɓa wanda ya kwanta masa a rai, a buɗe masa shi kaɗai a fiksel 1280 a 960, kusan megabait biyar, ya ja shi ya duba, in ya koma baya a saki.

Akwai wata ɓarnar da ƙanƙantar fayil ba ta taɓa magancewa, kuma ni a ganina ta fi cin rai. Dillali ya rubuta irin dabba, da shekarunta, da farashi, ya danna wurin ɗaukar hoto. Kyamara manhaja ce daban, mai cin RAM. Da ta buɗe, manhajar tallar ta koma baya, kuma Android in ta ga wuri ya ƙure, na baya take kashewa ba tare da sallama ba. Mutumin ya dawo da hotonsa ya tarar da shafin farko, duk abin da ya rubuta ya tafi. A tsadaddiyar wayar mai ƙera manhajar wannan da wuya ya faru, shi ya sa yake rantsuwa lafiya lau take. Wayar ba ta yi laifi ba, haka aka tsara Android, kuma an tanadi `onSaveInstanceState` da `SavedStateHandle` saboda irin wannan rana. Ni zan ƙara da cewa a riƙa adana kowane gurbi a ma'aji da zarar an cike shi, a kuma raba dogon fom zuwa gajerun shafuka, tambaya biyu ko uku a kowanne, tunda madannin rubutu yana cinye kusan rabin allon.

Hujja ta ƙarshe da nake ji ita ce wayoyi suna ta inganta, matsalar za ta gushe da kanta. Lalle Android Go, da Google ta fitar a 2017 don wayoyi masu gigabait ɗaya ko ƙasa, ta ɗaga mafi ƙarancinta zuwa gigabait biyu a 2022. Amma wannan sababbin wayoyi ya shafa. Tsohuwa ba a yar da ita a ƙasarmu: daga hannun wa a Yamai take komawa hannun ƙane a Bonkuku, a canza mata batir, ta ci gaba da aiki.

Wanda yake shakka, gwajin ba shi da tsada. Ya nemi waya mai gigabait ɗaya, ya cike fom rabi, ya danna maɓallin gida, sannan daga kwamfuta ya buga:

```
adb shell am kill sunan.manhaja
adb shell dumpsys meminfo sunan.manhaja
```

Na farko yana kashe manhajar a baya kamar yadda Android za ta yi, sai ya sake buɗe ta ya ga ko rubutunsa yana nan. Na biyu a buga shi manhajar tana buɗe: sau ɗaya kafin a ja jerin dabbobi, sau ɗaya bayan an kai ƙarshensa an dawo. In adadin da ke layin `TOTAL` yana hawa duk zagaye ba ya sauka, akwai hotunan da aka buɗe ba a saki ba.