Janareton da Ya Isa a Takarda, Ya Durƙusa a Gaban Injin Casa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a masana'antar casar shinkafa lokacin da aka ɗauke wuta ya san wannan sautin. An tayar da janareto, yana ta gurnani lafiya lau. Sai mai kula da inji ya danna koren maɓalli, fitilu su yi ja kamar garwashi, janareton ya yi nishi ya fesa baƙin hayaƙi, wani abu a akwatin wuta ya yi ta ƙaf-ƙaf-ƙaf, sannan komai ya tsaya. Nan take maigida zai ce an cuce shi, an sayar masa da jabu. Sau da yawa kuwa janareton lafiyarsa ƙalau. Lissafin da aka yi kafin a saye shi ne bai cika ba.

Mu ɗauki misalin ƙaramar masana'anta irin waɗanda ke wajejen Kura ko Sharaɗa a Kano. Tana da babban moto na lantarki mai kilowat 45 da ke juya injin gogar shinkafa, wanda idan yana aiki sosai yana jan kusan kilowat 48, tunda kaɗan na tafiya a zafi. Fankoki da ƙananan motoci masu ɗaga shinkafa da fitilu sun haɗa kilowat 35. Jimla 83. Maigida ya ga janareto mai 125 kVA, aka gaya masa, kuma gaskiya ne, cewa ana ninka wannan lamba da 0.8 a samu kilowat, wato 100. Ɗari ta fi tamanin da uku, sai ya biya kuɗi.

Abin da wannan lissafi ya auna shi ne moto yana cikin gudu. Bai auna moto yana tashi daga tsaye ba, kuma a nan gizo ke saƙar. Kamar mai turin baro ne cike da buhuna: wahalar tana ga motsa shi, in ya fara gangarawa hannu ɗaya ma ya isa. Moton nan mai kilowat 45, a layi uku na bolt 400, yana jan kimanin amfiya 82 yana gudu, wato kusan 57 kVA. Amma idan aka sakar masa wuta kai tsaye yana tsaye, yakan ja ninki shida ko bakwai na haka na 'yan daƙiƙu. Ninki shida ya kai amfiya kusan 500, ko 340 kVA. Ga janareto mai 125, an ce ya ba da 340.

Wutar gari takan shanye wannan ba tare da an lura ba, domin taransifoma da manyan layukan da ke bayanta ƙaƙƙarfa ne. Janareto ba haka yake ba. Kwayil ɗin da ke cikin kansa, wato altaneta, yana da wata turjiya ta kansa, kuma idan aka fizgi wuta da yawa lokaci guda sai boltej ya faɗi kafin na'urar daidaita shi, wadda ake rubuta wa AVR, ta farga. Masu ƙera janareto suna rubuta wannan turjiya a takardar bayanin altaneta da alamar X'd, kuma galibi tana wajen 0.15 zuwa 0.25. Injiniyoyi na da gajeren lissafi na ƙiyasta faɗuwar:

```
faɗuwa = X'd / (X'd + kVA na janareto / kVA na tashi)
```

Idan muka ɗauki 0.2, muka raba 125 da 340, sai faɗuwar ta fito kusan kashi 35 cikin 100. Bolt 400 ya koma wajen 260.

Ɓarnar da wannan ke yi kashi biyu ce. Ta farko, kontakta, maganaɗisun da ke riƙe wutar moton, yana sakin hannu idan boltej ya yi ƙasa sosai. Da ya saki sai wuta ta dawo, ya sake kamawa, ta sake faɗuwa. Ƙaf-ƙaf ɗin nan ke nan, kuma haka yake ƙone bakinsa. Ta biyu ta fi ɓoyuwa. Ƙarfin juyin moto ba ya raguwa daidai da boltej, sau biyu yake jin raguwar: idan boltej ya koma kashi 65, ƙarfin juyi sai ya koma kashi 42 kacal. Moton da shinkafa ta cika bakin injinsa ba zai iya tashi da wannan ba. Sai ya tsaya yana kuka yana shan wuta, kwayil na gasuwa.

Wani zai ce a sayi babba kawai a huta. Idan ana son faɗuwar kada ta wuce kashi 20, lissafin nan ya nuna sai an nemi wajen 275 kVA, fiye da ninki biyu na wanda aka saya, duk don daƙiƙa biyar na tashin moto. Ban da tsadarsa, injin dizal ba ya son zaman banza. Ranar da babban moton ba ya aiki, kilowat 35 ne kawai a kan injin da zai iya 220. Idan injin ya daɗe yana aiki ƙasa da kusan kashi 30 na ƙarfinsa, ba ya yin zafin da zai ƙone mai sarai, sai ka ga baƙin ruwa mai danƙo yana tsiyaya daga salansa. Makanike zai ce ringi ne ya mutu, a kwance inji, alhali rashin aiki ne ke cin sa. A ganina gara a gyara yadda moton ke tashi.

Hanya mafi araha ita ce sita-delta, wadda kowane mai aikin wutar masana'anta ya sani. Tana rage wutar tashi zuwa kashi ɗaya cikin uku, wato wajen 113 kVA a misalinmu, faɗuwar boltej kuma ta dawo kusan kashi 15. Sai dai ƙarfin juyi ma ya koma kashi ɗaya cikin uku, don haka dole a tayar da injin babu shinkafa a ciki. Kuma idan aka saita agogon sauyawa ya sauya kafin moton ya kusa cikakken gudu, fizgar da aka gudu tana dawowa kusan gaba ɗayanta.

Duk wannan maganar altaneta ce. Shi ma injin dizal ɗin yana da tasa iyakar. Aikinsa ya riƙe juyi 1500 a minti, wanda shi ke ba da 50 Hz. Injinan zamani ƙanana ne da ake matso ƙarfi daga cikinsu da turbo, shi kuwa turbo hayaƙin salansa ne ke juya shi. Injin da ke zaune ba kaya hayaƙinsa kaɗan ne, turbo na gyangyaɗi. In aka jibga masa kaya, gwamna zai buɗe mai nan take, amma iska ba ta iso ba, shi ya sa baƙin hayaƙi da faɗuwar gudu. Da yawa daga irin waɗannan injina ba sa ɗaukar fiye da rabi zuwa kashi 60 na ƙarfinsu a karo ɗaya. Ƙa'idar ISO 8528-5 ta kasa janareto aji-aji a kan wannan: a ajin G2, gudun injin dizal kada ya faɗi fiye da kashi 10, kuma ya dawo cikin daƙiƙa 5. To, a masana'antarmu idan aka ja canji-oba komai na kunne, kilowat 83 ne ya faɗa wa injin mai 100 gaba ɗaya. Maganin ba tsada: a tayar da babban moto tukuna, lokacin janareton ba ya ɗauke da komai, a ba shi daƙiƙa goma ko sha biyar, sannan ƙananan su biyo a jere.

Yanzu a ce maigida ya ji shawarar zamani, ya sa wa babban moton na'urar sarrafa gudu, wadda ake rubuta wa VFD, ma'aikata kuma na kiranta inbata. Matsalar tashi ta kau, domin tana ɗaga moton a hankali, wutar da take ja da wuya ta wuce ninki ɗaya da rabi. Amma sai wani ciwo ya ɓullo bayan makonni: kan janareto ya yi zafi fiye da da, allurar boltej tana rawa, kwamfutar ofis da sikelin awo suna rikicewa, kuma abin mamaki, duk wannan ba ya faruwa idan akwai wutar gari.

Dalili shi ne inbata ba ta shan wuta a hankali kamar moto. Kurɓa take yi, sau shida a kowane zagaye. Wannan kurɓe-kurɓe yana haifar da wasu igiyoyin wuta masu saurin da ya ninka na asali, su ake kira hamonik. Mafi girma su ne na biyar, mai 250 Hz, da na bakwai, mai 350 Hz. Turjiyar kwayil tana ƙaruwa da sauri, don haka hamonik na biyar yana cin karo da turjiya ninki biyar. Mu gwada da lamba. Inbatar na jan kusan 50 kVA, wato 0.4 na janareto mai 125. A ce hamonik na biyar ya kai 0.3 na wutar da take ja, turjiyar altaneta ta wannan fanni kuma, mai alamar X''d, ta kai 0.12. Ninka 5 da 0.3 da 0.12 da 0.4, ka samu gurɓatar boltej kusan kashi 7, daga na biyar kaɗai. Haɗa da sauran, an kai ko an wuce kashi 8 da ƙa'idar IEEE 519 ta sa iyaka ga ƙaramin boltej. Ita wannan inbatar a kan taransifoma mai 500 kVA da turjiyar kashi 5 ba ta kai ko kashi 1 ba. Shi ya sa laifin ke faɗawa kan janareto.

Mitar hannu mai araha ba za ta nuna wannan ba. Sai an samu na'urar auna ingancin wuta, a duba lambar THD ta boltej yayin da inbatar ke cikin cikakken aiki. In kuma akwai akwatin kafasita na gyaran wutar gari, a tabbata yana fita idan janareto ya karɓa, domin yana iya kumbura hamonik, ya kuma rikita AVR.

Gyaran yana farawa da duba ko inbatar na da cok, wani nannaɗaɗɗen waya da ke tausasa kurɓar. Wadda ba ta da shi gurɓatarta ta fi haka nesa ba kusa ba. Bayan haka sai dabarar da masu sayarwa ba sa yawan faɗa: ana iya haɗa inji da altanetar da ta fi shi girma. Hamonik ba ya neman ƙarin doki daga inji, tagulla da ƙarfe yake nema. Altaneta mai 200 kVA, idan turjiyarta ɗaya da waccan, za ta sauko da kashi 7 ɗin nan zuwa huɗu da rabi. A nemi kuma wadda ke da PMG, ƙaramin janareto mai maganaɗisu da ke ciyar da AVR da tsaftatacciyar wuta, don kada gurɓatar ta shiga kanta.

Saura lambar da ke kan faranti. Wanda aka rubuta wa ESP na jiran ko-ta-kwana ne, kuma ƙa'idar ISO 8528-1 ta yi masa awa 200 a shekara, matsakaicin kaya kada ya wuce kashi 70. A inda ake ɗauke wuta kullum, awa 200 ba ta kai wata biyu, don haka lambar PRP ce abin dubawa. Ga kuma zafin Afrilu: ana auna altaneta ne a kan iska mai digiri 40, ɗakin janareto mai rufin kwano kuwa yakan haura haka da rana. Idan aka haɗa duka, masana'antar nan tana buƙatar inji mai ƙarfin kilowat 120, wato janareto mai 150 kVA a lambar PRP, da altaneta mai 200, da cok a gaban inbata, da agogon da zai jera tashin motoci. Kilowat 83 a kan 120 ya zo kashi 69.