Shin Ko Kun San Doguwar Tafiyar da Magani Ke Yi Kafin Ya Shigo Kemis?

Shin ko kun san sabon magani yakan shafe shekara 10 zuwa 15 tsakanin ɗakin gwaje-gwaje da kantar mai kemis? Yaron da aka haifa ranar da aka fara binciken yana iya shiga sakandare, maganin bai fito ba tukuna!

Ku ji wannan lissafi. Masu bincike kan tankaɗe sinadarai 5,000 zuwa 10,000. Kimanin 250 ne ke kaiwa ga gwaji a kan dabbobi. Kamar 5 ne ake gwadawa a jikin mutum. Nawa ke shiga kasuwa? Ɗaya tak! Rariya ce bisa rariya, kowace ta fi ta gabanta ƙananan ido.

Shin ko kun san kafin a ba mutum ko ɗigo ɗaya, sai an fara gwada sinadarin a kan ƙwayoyin halitta cikin faranti, sannan a kan dabbobi? A al'ada iri biyu ake amfani da su: ɗaya daga dangin ɓera, ɗaya kuma wadda ba ɓera ba, kamar kare ko biri. Ana ta ƙara musu awo har a gano mafi yawan abin da dabba za ta ɗauka ba tare da wata illa ta bayyana ba. Daga wannan awon ake lissafa na mutum, sannan a sake rage shi, galibi a raba shi gida 10, saboda taka-tsantsan.

To, ga inda ɗalibai ke yawan yin tuntuɓe. Mataki na ɗaya na gwaji a kan mutane ba ya tambayar ko magani yana warkarwa. Ko kaɗan! Tambayarsa ita ce: jiki zai iya ɗauka? Har nawa? Mutum 20 zuwa 100 kawai ake ɗauka, kuma yawanci lafiyayyu garau. Eh, masu lafiya ake ba maganin marasa lafiya! Ana farawa da ɗan mitsitsin awo, a yi ta ɗibar jini ana duba yadda maganin ke shiga, yadda hanta ke sarrafa shi, da yadda ƙoda ke fitar da shi. In an ga lafiya lau, rukuni na gaba ya sami ƙari. Magungunan kansa ne suka fita daban: dafinsu ya yi yawa, don haka masu cutar ake ba tun daga farko.

Shin ko kun san akwai ranar da wannan mataki ya kusa hallaka duk wanda aka ba magani? Ranar 13 ga Maris, 2006 ce, a wani sashen gwaji da ke asibitin Northwick Park a Landan. Maza 8 lafiyayyu suka kwanta. Aka yi wa 6 allurar wani sabon magani mai suna TGN1412, wanda aka ƙera don ya zaburar da garkuwar jiki. Sauran 2 aka yi musu allurar da babu magani a cikinta.

Awon da aka ba su fa? Ya gaza wanda birai suka ɗauka lafiya lau har sau 500. Ku sake karantawa: sau 500!

Cikin minti 90 aka fara ciwon kai, ciwon jiki, amai da zazzaɓi. Kafin gari ya waye duk su 6 suna sashen kulawa ta musamman, huhu da ƙoda suna neman tsayawa. Garkuwar jikinsu ce ta haukace ta afka wa jikin da take tsaro. Duk sun rayu, amma ɗayansu ya rasa yatsun ƙafa da wasu na hannu. Daga baya aka gano cewa wasu ƙwayoyin garkuwar jikin mutum suna da wurin da maganin ke kamawa, su kuwa takwarorinsu na jikin biran ba su da shi. Biri dai ba mutum ba ne.

Abin da ya fi ba ni takaici a labarin shi ne tazarar allurar. Kimanin minti 10 kacal aka bari tsakanin mutum da mutum! Kafin na farko ya fara kuka da kansa sosai, an kusa gamawa da na ƙarshe. Shi ya sa yanzu, ga magani mai haɗari irin wannan, mutum ɗaya ake fara ba wa, a zuba masa ido tsawon lokaci, sannan a taɓa na biyu.

Mataki na biyu kuwa? A nan ne magani ke fara haɗuwa da masu cutar, mutum 100 zuwa ɗaruruwa kaɗan. Tambaya: akwai alamar yana aiki, kuma wane awo ya fi dacewa? Shin ko kun san nan ce maƙabartar magunguna? Kusan biyu cikin uku na magungunan da suka shiga ba sa fitowa.

Sai babban fage, mataki na uku. Mutum 300 zuwa 3,000, wani lokaci ma dubbai masu yawa, a asibitoci daban-daban, har ƙasashe daban-daban. Ana raba su gida biyu. Wasu su sami sabon magani, wasu su sami wanda ake amfani da shi dama, ko kuma ƙwayar da ta yi kama da magani amma babu komai a cikinta, wadda likitoci ke kira filasibo.

Wa ke zaɓar wanda zai shiga wane gida? Ba likita ba. Ƙuri'a! Domin in aka bar wa likita, yana iya tura masu ɗan ƙarfi wajen sabon magani ba tare da ya ankara ba, sai magani ya ci yabon da ba nasa ba. Kuma a gwaji mai inganci, mara lafiya bai san abin da yake sha ba, likitan da ke duba shi ma bai sani ba. Dukansu a rufe suke har a kammala.

Shin ko kun san ƙarancin magani ya taimaka wajen kafa wannan tsari? Bayan yaƙin duniya na biyu, Birtaniya ta sami ɗan kaɗan na sabon maganin tarin fuka, sitireftomaisin, wanda ba zai ishi kowa ba. Masanin ƙididdiga Austin Bradford Hill ya tsara a raba marasa lafiya ta hanyar ambulan da aka liƙe. Mutum 55 suka sami magani da hutun gado, 52 suka sami hutun gado kawai. Cikin wata 6, mutum 4 suka rasu a rukunin farko, 14 a na biyu. An buga sakamakon a 1948.

Kada ku ɗauka duk maganin da ya iso mataki na uku ya tsira. Ga Torcetrapib na kamfanin Pfizer. A gwajin jini abin sha'awa ne: ya ɗaga kitsen jini mai amfani da kashi 72 cikin ɗari, ya sauke mai cutarwa da kusan kashi 25. Kowa ya zaci an sami maganin ciwon zuciya na ƙarni. Aka shiga mataki na uku da mutum sama da 15,000. A Disamba 2006 aka tsayar da gwajin cak. Da aka kammala ƙidaya, mutum 93 ne suka rasu cikin masu shansa, 59 a ɗaya rukunin. Takardar gwajin jini ta yi kyau, mutane kuwa sun fi mutuwa! Kusan dala miliyan 800 suka bi ruwa.

Wa ya hango, alhali an rufe wa likitoci ido? Wani kwamiti ne mai zaman kansa, wanda shi ke da izinin leƙa sakamako ana tsakiyar gwaji, kuma yana iya cewa a tsaya.

Shin ko kun san Kano tana cikin darussan da ake koyarwa a duniya kan ɗa'ar gwajin magani? A 1996, lokacin annobar sanƙarau, Pfizer ya gwada maganin Trovan a gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu, 5 cikin waɗanda aka ba Trovan, 6 cikin waɗanda aka ba wani maganin da aka kwatanta shi da shi. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta aikata laifi, ya ce annobar ce ta kashe yaran. A 2009 aka yi sulhu da Jihar Kano kan dala miliyan 75. Ƙa'ida dai a fili take: sai an yi wa mutum bayani da harshen da yake ji, ya amince don kansa, kuma yana da damar ficewa duk lokacin da ya so ba tare da an hana shi kulawa ba. Sannan dole kwamitin ɗa'a ya sa hannu kafin a taɓa ko mutum ɗaya.

In magani ya haye mataki na uku, sai a tattara duk bayanan, tun daga na ɓeraye, a miƙa wa hukuma. A Amurka FDA ce, a Najeriya NAFDAC. Ba sakamako kaɗai ake dubawa ba, har masana'antar da za ta haɗa maganin. Ga kuma wani abin mamaki: haƙƙin mallakar magani shekara 20 ne, amma agogon yakan fara bugawa tun maganin yana ɗakin gwaje-gwaje. Kafin ya shiga kasuwa, rabin wa'adin ko fiye ya tafi!

An gama ke nan? Ina! Akwai mataki na huɗu, kuma a kasuwa ake yin sa. Ga dalili, da wani ɗan lissafi da masana ke kira dokar uku: `3/n`, inda `n` shi ne yawan mutanen da aka yi gwaji a kansu. In an gwada magani a kan mutum 3,000 ba a ga wata illa ba, abin da za a iya faɗa da ƙarfin gwiwa kawai shi ne illar ba ta wuce mutum 1 cikin 1,000 ba. To, in illar tana kama mutum 1 cikin 10,000 fa? Tana iya sulalewa ba a gan ta ba. Mutum miliyan ɗaya su sha maganin, sai ga mutum 100 a kwance!

Wata illar kuma ɓuya take yi cikin cututtukan da mutane ke yi dama. Maganin ciwon gaɓoɓi Vioxx ya sami izini a 1999, miliyoyin mutane suka sha. Sai a Satumba 2004 aka janye shi, bayan wani gwaji ya nuna ya kusa ninka haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ga masu daɗewa suna sha. Shekara 5 yana kan kanta!

Don haka, ɗalibi, ranar da ka fara shiga ɗakin marasa lafiya ka ga wani ya yi ƙuraje ko idonsa ya yi ɗorawa bayan an ba shi sabon magani, kada ka tsaya a canja masa wani kawai. Rubuta sunan maganin, awon da ya sha, ranar da ya fara da lambar rukunin da ke jikin kwali, ka cike takardar rahoton illar magani, a aika wa NAFDAC.