Daƙiƙa shida da ke nuna wa mutum inda zai danna

Duk wanda ya taɓa rubuta wa abokan aiki bayanin yadda ake amfani da wata manhaja ya san inda rubutu ke gazawa. Za ka ce a je sama, a buɗe wuri kaza, a zaɓi na biyu, mai karatu kuma ya yi ta lalube bai ga abin da kake nufi ba. Idan ka tura masa bidiyo, sai ya sauke, ya kunna, ya yi ta mayar da shi baya yana neman daidai wurin. Tsakanin rubutu da bidiyo akwai ɗan hoton nan mai motsi da ake kira GIF. Shi yana zama a tsakiyar bayani kamar kowane hoto, yana nuna aiki guda, in ya kai ƙarshe ya koma farko da kansa.

Tsohon abu ne. Kamfanin CompuServe na Amurka ya fito da shi a 1987, aka yi masa kwaskwarima a 1989, kuma tsufan nasa ne ya sa yake da halayen da dole mai haɗa shi ya sani. Ba ya ɗaukar murya. Hoto ɗaya a cikinsa ba ya wuce launi 256. Sannan bai iya matse kaya kamar yadda bidiyon zamani ke yi ba, domin shi jerin hotuna ne da ake nunawa ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa mutum zai juya ƙaramin bidiyo zuwa GIF, ya tarar fayil ɗin ya ninka na asali nauyi sau da dama. Mai buɗewa da datar waya shi zai biya kuɗin wannan sakacin.

Mu ɗauki misalin malamin makaranta da ke son nuna wa sauran malamai yadda ake kafe layin farko a Excel, domin sunayen darussa su tsaya a sama yayin da ake gangarawa cikin sakamakon jarrabawa. Aikin danna uku ne: View, sai Freeze Panes, sai Freeze Top Row. A ce ya ɗauki allon kwamfutarsa baki ɗaya, faɗi 1920 da tsayi 1080, na tsawon daƙiƙa 12, ana ɗaukar hoto 30 a kowace daƙiƙa. Hotuna 360 ke nan, kowanne da ɗigo sama da miliyan biyu. In aka juya wannan yadda yake, kaya ne mai nauyin gaske.

Ragi na farko a lokaci ake yin sa. A irin wannan ɗauka, akan ɓata daƙiƙun farko ana neman linzami, na ƙarshe kuma ana neman inda za a tsayar da ɗaukar. A yanke su, a bar shida na tsakiya. Ragi na biyu a yawan hotuna ne. Kibiyar linzami da ke tafiya zuwa wani maɓalli ba ta buƙatar hoto 30 a daƙiƙa. Goma sun isa ido ya bi ta. Daga 360 mun dawo 60.

Ragi na uku shi ne inda mutane suka fi yin kuskure, kuma a ganina nan ne ƙwarewar take. Mafi yawa sukan ƙanƙance allon gaba ɗaya ya koma ɗan ƙarami. Nauyi zai ragu, amma rubutun da ke kan maɓallan zai dushe, mai karatu ya kasa bambance Freeze Panes da abin da ke kusa da shi, alhali don ya karanta wannan sunan aka yi hoton. Abin da ya dace shi ne a yanke gefe, a bar wurin da aikin ke faruwa da girmansa na asali. Malamin zai fi samun sauƙi idan tun kafin ɗauka ya rage tagar Excel ya kai ta kusurwar hagu ta sama, ta yadda maɓallan da layukan farko duk za su shiga cikin faɗi 960 da tsayi 540. Wannan kashi ɗaya ne cikin huɗu na allon. Idan aka haɗa da ragin hotuna, ɗigon da za a adana ya ragu ninki 24, kuma ko harafi ɗaya bai dushe ba.

Akwai manhajoji masu yin wannan da danne-danne, kamar ScreenToGif a Windows. Amma FFmpeg, wadda kyauta ce, ta fi bayyana abin da ke gudana. Umarni biyu ake ba ta:

```
ffmpeg -ss 3 -t 6 -i allo.mp4 -vf "fps=10,crop=960:540:0:0,palettegen" launi.png
ffmpeg -ss 3 -t 6 -i allo.mp4 -i launi.png -lavfi "fps=10,crop=960:540:0:0[x];[x][1:v]paletteuse=dither=none" -loop 0 -final_delay 200 jagora.gif
```

Lambobin farko suna cewa a fara daga daƙiƙa ta uku, a ɗauki shida. Dalilin yin umarni biyu kuwa shi ne maganar launi 256 ɗin nan. Na farko yana duba bidiyon ya zaɓo launukan da suke cikinsa da gaske, wato fari da toka-toka da koren Excel, ya ajiye su a launi.png. Na biyu yana zana hotunan da waɗannan launuka. Idan aka tsallake wannan mataki, manhajar za ta yi amfani da launuka na gama-gari, ta riƙa cike giɓi da ɗige-ɗige. Alamar hakan a bayyane take: farin shafi zai fito kamar an barbaɗa masa gero. Kalmar `dither=none` tana hana wannan barbaɗi, abin da ya dace da allo mai rubutu, ko da yake a hoton fuska ko na sararin sama launin zai fito hawa-hawa.

Shi `-loop 0` yana sa hoton ya yi ta maimaituwa ba tsayawa. Shi kuma `-final_delay 200` yana riƙe hoton ƙarshe na daƙiƙa biyu, tunda GIF yana ƙirga lokaci ne da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Kada a raina wannan ɗan jinkiri. In babu shi, ƙarshe da farko za su manne, wanda ya iso tsakiya ba zai gane inda aikin ya soma ba.

Idan bayan duk wannan fayil ɗin bai yi sauƙi ba, a duba yawan abin da ke motsi. FFmpeg kan adana wurin da ya canza ne kawai tsakanin hoto da hoto, saboda haka tafiyar kibiya ba ta cin komai, amma gangarawa cikin shafi tana canza kusan kowane ɗigo. A misalinmu dole a gangara don a ga layin ya kafe, sai dai layuka kaɗan sun wadatar.

Wani abin da nake jan kunne a kai shi ne abin da ke bayyana a allon. Hoton da ke maimaituwa yana ba kowa damar karanta komai a tsanake, don haka malamin ya cike shafin da sunaye da maki na ƙirƙira, ya kuma kashe sanarwar saƙonni kafin ya fara ɗauka.

GIF yana da iyakarsa. Mai karatu galibi ba shi da hanyar dakatar da shi ko mayar da shi baya, shi ya sa aikin da ya kai matakai bakwai ko takwas gara a raba shi gida-gida, ko a yi bidiyo sosai. Haka kuma idan aka mayar da bayanin PDF ko aka buga shi a takarda, motsin ya tafi, hoto ɗaya ne zai rage, yawanci na farko. Saboda haka a tabbata hoton farko yana nuna wani abu mai ma'ana, kuma a rubuta matakan uku da kalmomi a ƙarƙashinsa, domin wanda ya samu takardar a hannu da kuma makaho mai amfani da manhajar karanta allo su ma su iya yin aikin.