Cron agogo yake kallo, ba ya duba ko aiki ya ƙare

A ɗauka wata makarantar kuɗi tana da kwamfuta mai Linux wadda ke tura wa iyaye saƙon waya. Akawu ya shigar da sunayen waɗanda ake bi kuɗin zango, wani ɗan shiri mai suna `tura.sh` ya karanta jerin saƙonnin da ba a tura ba, ya tura su ɗaya bayan ɗaya, idan ya gama ya yi musu alamar an tura. Babu mai zama yana danna wannan shiri da hannu. An miƙa shi ga `cron`, tsohon ma'aikacin nan na Unix mai tayar da ayyuka a kan lokaci. Irin wanda aka fi samu a Linux a yau ya samo asali ne daga wanda Paul Vixie ya fitar a 1987.

Da umarnin `crontab -e` ake buɗe jadawalin, kowane aiki da layinsa:

```
*/5 * * * * /home/makaranta/tura.sh
```

Gurabe biyar na farko lokaci ne: minti, awa, ranar wata, wata, sai ranar mako. Tauraro yana nufin kowane. Saboda haka `*/5` a gurbin minti na nufin duk mintin da biyar ke rabawa, wato 8:00, 8:05, 8:10, haka dai dare da rana. Da a ce ƙarfe 7:30 na safiyar kowace Litinin ake so, `30 7 * * 1` za a rubuta, domin Lahadi ce 0, Litinin 1.

Iyakar abin da `cron` ya sani ke nan. Kamar mai kaɗa ƙararrawa yake a makaranta: lokaci na cika zai kaɗa, bai damu da ko malamin da ke cikin aji ya gama darasi ba. Ba ya tambayar ko `tura.sh` ɗin da ya tayar ɗazu yana nan yana aiki. Sabo kawai zai tayar kusa da shi.

A ranakun da aka saba, saƙo ashirin ne ko talatin, cikin minti ɗaya an gama, shi ya sa ake iya yin shekara ba a ga matsalar ba. Sai ranar da aka dawo hutu, akawu ya shigar da saƙo 600 lokaci guda, intanet kuma tana ja, kowane saƙo yana cin daƙiƙa 2. Aikin zai ɗauki daƙiƙa 1,200, wato minti 20. Na ƙarfe 8:00 ba zai yi alamar an tura ba sai 8:20. Kafin nan na 8:05 ya tashi, ya tarar da 600 ɗin nan babu alama, ya kama turawa daga farko. Na 8:10 da na 8:15 ma haka. Kowane uba ya sami saƙon bashi sau huɗu aƙalla, makaranta ta biya kuɗin saƙo 2,400. Na ce aƙalla, domin su huɗun layin intanet ɗaya suke rabawa, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa nauyi, sai na farkon ya wuce 8:20, na biyar ya shigo. Wanda yake zargin haka na faruwa a kwamfutarsa ya rubuta `pgrep -af tura.sh`, ya ga ko shirin ya fito da yawa a lokaci guda.

Dabarar da ta fi saurin zuwa wa mutum ita ce ajiye fayil na shaida. Shirin ya duba, idan fayil ɗin yana nan ya fita, idan babu ya ƙirƙire shi, ya yi aikinsa, ya goge. Tana da rami biyu. Na farko, tsakanin dubawa da ƙirƙira akwai ɗan gibi, kuma shiri biyu na iya dubawa tare, kowanne ya ga babu kowa. Na biyun ya fi damun mu da muke zaune inda ake ɗauke wuta ba sallama. Wuta ta tafi ana tsakiyar aiki, shirin ya mutu bai goge fayil ɗinsa ba. Idan fayil ɗin yana wurin da ba a sharewa in kwamfuta ta tashi, duk wanda ya zo daga baya zai ɗauka akwai mai aiki, ya juya. Saƙo ya daina fita gaba ɗaya, kuma babu wanda zai sani sai an ga iyaye ba su zo biya ba.

Abin da ya dace shi ne `flock`, wanda ke zuwa cikin `util-linux` a yawancin Linux:

```
*/5 * * * * flock -n /tmp/tura.lock /home/makaranta/tura.sh
```

A nan kasancewar fayil ɗin ba ita ce shaida ba. Linux da kansa ke riƙe kullen, yana ba mai nema ɗaya tak, kuma yana sakinsa da zarar shirin da ke riƙe da shi ya ƙare, ko lafiya ya gama, ko kashe shi aka yi, ko wuta ce ta tafi. Alamar `-n` na cewa idan an tarar a kulle kada a jira, a fita. Don haka na 8:05 da 8:10 da 8:15 duk za su juya, na farko ya gama shi kaɗai. Kada a cire `-n` ɗin: idan babu ita, kowanne zai tsaya jiran layi, su yi ta taruwa. Kada kuma a sa shirin ya riƙa goge `tura.lock` da sunan tsafta, domin idan aka goge shi ana cikin aiki, na gaba zai ƙirƙiri sabo mai suna iri ɗaya, ya kulle nasa, a koma gidan jiya.

Kulle ma yana da tasa illar. Idan shirin ya maƙale yana jiran amsar da ba za ta zo ba, bai mutu ba, kullen na hannunsa, kowa kuma juyawa yake yi shiru. Maganinsa a yanka masa wa'adi, a kuma ajiye tarihi:

```
*/5 * * * * flock -n /tmp/tura.lock timeout 30m /home/makaranta/tura.sh || date >> /home/makaranta/tura.log
```

`timeout 30m` zai tsayar da shi bayan minti 30. Ƙarshen layin kuma yana rubuta lokaci duk sa'ad da aka juya ko aikin ya gaza. Layi uku a jere ranar dawowa hutu ba abin damuwa ba ne. Idan kullum fayil ɗin cike yake, to minti biyar ya yi wa aikin kaɗan.

Sai dai wa'adin zai tona wani aibi da ke cikin `tura.sh` tun asali. Idan aka tsayar da shi a saƙo na 500 bai yi wa ko ɗaya alama ba, na gaba zai sake tura 500 ɗin. A ganina gyaran da ya fi kowanne muhimmanci shi ne a riƙa yi wa kowane saƙo alama da zarar ya fita, ta yadda duk inda aka katse, saƙo ɗaya ne kawai zai iya maimaituwa. Kuma kullen da ke `/tmp` na kwamfuta ɗaya ne. Ranar da makaranta ta ƙara ta biyu mai jadawali iri ɗaya, kowacce nata za ta kulle, sai dai a mayar da kullen cikin rumbun bayanan da su biyun ke karantawa.